Muhawara kan jera shafukan ɗan littafin walima mai shafi 22 domin a ninke shi a buga masa fil

Sakataren Islamiyya, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Makarantarmu za ta yi walimar saukar Alƙur'ani, kuma an ɗora mini nauyin shirya ɗan littafin da za a raba wa baƙi, wanda ya ƙunshi jadawalin taro, taƙaitaccen tarihin makaranta da sunayen ɗalibai. Na rubuta shi a Word, ya kai shafi 22, shafi na 1 shi ne bangon gaba, na 22 kuma bangon baya. Muna buƙatar kwafi 150 a kan takardar A4 da za a ninke gida biyu a buga mata fil a tsakiya. A shagon da na kai aikin an zaɓi `2 pages per sheet` aka buga gaba da baya, amma da aka ninke sai shafi na 2 ya koma bangon gaba, na 1 ya koma baya, sauran kuma suka cakuɗe. Ina roƙon wanda ya san aikin ya bayyana mana yadda ake jera shafukan.

Ɗan kasuwa, Mile 12:
Wa alaikumus salam Malam. A ganina ba sai ka wahalar da kanka ba, domin kundin lissafin shagona haka na buga shi shafi bayan shafi, aka huda gefensa aka zura masa zoben roba, kuma har yau bai taɓa cakuɗewa ba.

Sakataren Islamiyya, Agege:
Na gode Alhaji, sai dai wancan wani ɗauri ne daban. Kwamitin makaranta ƙaramin littafi yake so wanda zai shiga aljihun riga, kuma kuɗin zobe har guda 150 ya fi ƙarfin abin da aka ware.

Ɗalibi, Idi-Araba:
Malam, Word yana yin wannan aiki da kansa. Ka shiga `Layout`, sannan `Margins`, sannan `Custom Margins`, a wurin da aka rubuta `Multiple pages` ka zaɓi `Book fold`. Daga nan komai yawan shafukanka manhajar za ta jera su daidai lokacin bugawa, kuma babu abin da zai canza a cikin rubutunka.

Baba mai ɗab'i, Shomolu:
Ɗana, hanyar da ka nuna tana nan kuma tana aiki, amma maganarka ta ƙarshe tana buƙatar gyara a wuri biyu, kuma zan zo kansu. Bari in fara da tushen lamarin, domin wanda ya gane shi ba zai dogara ga abin da allo ya nuna masa ba.

Falle ɗaya na takarda idan aka ninke shi gida biyu yana ba da shafi huɗu, biyu a fuskar waje, biyu a fuskar ciki. Fallayen kuma ba a jera su ɗaya bayan ɗaya, ana cusa su ne ɗaya cikin ɗaya, kamar yadda ake saka ƙananan kwanuka cikin manya. Saboda haka fallen da yake waje shi ne yake ɗauke da farkon littafi da ƙarshensa a lokaci guda, kuma dole jimillar shafuka ta zama mai rabuwa gida huɗu: 16, 20, 24, 28. Shafi 22 ba ya rabuwa huɗu, don haka littafin Malam Sakatare na shafi 24 ne a kan falle shida, ko ya so ko bai so ba. Ga jerin, lambar farko tana hagu, ta biyu tana dama:

Falle na ɗaya, waje 24 da 1, ciki 2 da 23.
Falle na biyu, waje 22 da 3, ciki 4 da 21.
Falle na uku, waje 20 da 5, ciki 6 da 19.
Falle na huɗu, waje 18 da 7, ciki 8 da 17.
Falle na biyar, waje 16 da 9, ciki 10 da 15.
Falle na shida, waje 14 da 11, ciki 12 da 13.

Ku lura da cewa duk shafuka biyu da suke maƙwabtaka a fuska ɗaya, idan aka haɗa lambobinsu suna ba da 25, wato jimillar shafuka da ƙarin ɗaya. Haka kuma 1, 3, 5 da 'yan'uwansu kullum suna dama, 2, 4, 6 da nasu suna hagu. Da waɗannan abubuwa biyu nake duba duk fallen da ya fito daga inji kafin in bar yara su ci gaba da bugawa, kuma fallen da aka ba Malam a shago mai ɗauke da 1 da 2 a fuska ɗaya ya faɗi tun a nan, domin jimillarsa 3 ce.

Ɗalibi, Idi-Araba:
Baba, na fahimci lissafin, amma ai manhajar tana cike gurbin shafuka biyun da suka rage da kanta. Ban ga abin da zai sa Malam ya damu da zancen huɗu ba.

Baba mai ɗab'i, Shomolu:
Tana cikewa, ɗana, amma a ƙarshen littafi take zuba fararen shafukan, domin ba ta san cewa shafi na 22 bango ne ba. Duba jerin da na rubuta ka ga inda 22 ya faɗa: yana falle na biyu tare da 3, wato ya shige cikin littafi. Bayan littafin na gaske, wanda yake shafi na 24, zai fito fari fat, kuma idan bangon a kan kati za a buga shi, to zanen bangon baya ba zai ma hau katin ba. Na sha ganin an buga ɗaruruwan kwafi a haka kafin wani ya lura, kuma abin yana ba ni takaici domin gyaransa bai fi minti biyu ba.

Mai aikin ne ya kamata ya zaɓi inda fararen shafuka za su zauna. Shawarata ga Malam ita ce ya saka farin shafi ɗaya bayan bangon gaba, ɗaya kuma kafin bangon baya. Sai tsarin ya zama: 1 bangon gaba, 2 fari, 3 zuwa 22 rubutun ciki, 23 fari, 24 bangon baya. Amfanin wannan ya wuce gyara wurin bango, domin 2 da 23 su ne fuskar cikin falle na ɗaya, don haka katin bango fuska ɗaya kawai za a buga masa, wanda ya rage kuɗi, ya kuma rage wa firinta wahalar jan kati sau biyu. Rubutun ciki ya zama falle biyar cif, kwafi 150 kuma falle 750 ke nan, wato rim ɗaya da rabi na takarda, ban da 'yan ƙarin da za a lalata wajen gwaji.

Sakataren Islamiyya, Agege:
Allah ya saka da alheri Baba. Akwai abu biyu da suka taso mini daga bayaninku. Na farko, jadawalin sunayen ɗalibai yana da faɗi, ya mamaye shafuka biyu masu fuskantar juna, kuma ina tsoron layukansa kada su saɓa. Na biyu, ban sanya wa bango lamba ba, lambobin da ke ƙasan shafi daga rubutun ciki suka fara. Shin lissafin 25 ɗin zai ci gaba da aiki?

Baba mai ɗab'i, Shomolu:
Game da jadawali, wuri ɗaya ne tak a cikin littafin da shafuka biyu masu bin juna suke kan fuskar takarda ɗaya, shi ne tsakiya, 12 da 13. Ko'ina ban da nan, rabin jadawalin yana wani falle, ɗaya rabin yana wani, kuma ƙaramar firinta ba ta ajiye rubutu a wuri ɗaya daidai wa daida a kowane falle, don haka layukan kan saɓa da milimita ɗaya ko biyu. Idan za ka iya tura jadawalin zuwa 12 da 13, ka yi, ko da za ka sauya wurin tarihin makaranta. Bayan an saka farin shafi na 2, abin da yake shafi na 11 da na 12 a fayil ɗinka na yanzu shi ne zai zama tsakiya. Ka kuma bar ɗan fili a tsakiyar jadawalin inda fil zai fito.

Game da lamba, lissafina yana bin matsayin shafi a cikin fayil ne, ba lambar da aka buga a ƙasansa ba. Idan lamba 1 ta fara daga shafi na uku na fayil, to lambobin da za ka gani a takarda daga 1 zuwa 20 ne, kuma jimillar da za ka nema a kowace fuska 21 ce: 20 da 1, 2 da 19, har zuwa 10 da 11 a tsakiya.

Hajiya mai shagon kwafi, Obalende:
Baba ya gama da lissafi, ni kuma zan yi magana a kan abin da nake gani kullum a shago. Kafin komai ina so Malam ya gaya mana girman shafin da ya yi rubutu a kai, da girman harafin da ya yi amfani da shi.

Sakataren Islamiyya, Agege:
A kan A4 na rubuta, Hajiya, girman harafin kuma 14 ne.

Hajiya mai shagon kwafi, Obalende:
To a nan ne maganar ɗanmu na Idi-Araba cewa babu abin da zai canza ba ta tsaya ba. `Book fold` ba ya ƙanƙanta rubutu, shafin yake mayarwa rabin takarda ya bar harafi a girmansa, sai rubutun ya malala zuwa sababbin shafuka. Shafi 22 na A4 zai iya haura 40, hotuna su bar wurarensu, jadawali ya fita daga gefe. Wannan zaɓi na wanda zai fara rubutu ne tun daga farko, ba na wanda ya riga ya gama ba.

Ɗaya hanyar ita ce a mayar da fayil ɗin PDF bayan an saka fararen shafukan nan biyu, a buɗe shi da Adobe Acrobat Reader, a wurin bugawa a danna `Booklet`. Wannan yana barin kowane shafi yadda yake, sai dai ya ƙanƙanta shi daga A4 mai milimita 210 da 297 zuwa A5 mai 148 da 210, wato kusan kashi 71 cikin ɗari na girmansa, wani lokaci ma ƙasa da haka kaɗan saboda gefen da firinta ba ta iya bugawa. Harafi mai girman 12 yana komawa wajen 8 da rabi, na Malam mai 14 zai koma wajen 10. Mayarwa PDF tana da wani amfani ga masu rubutun Hausa, domin idan aka kai fayil ɗin Word wata kwamfuta da ba ta da irin harafin da aka zaɓa, ƙ da ɗ da ɓ sukan fito da wata siffa daban, layuka su motsa, adadin shafuka ma ya canza.

Ni a ra'ayina 10 ya yi wa dattawa ƙanƙanta, kuma yawancin waɗanda za su riƙe wannan littafi iyaye ne da kakanni masu neman sunan ɗansu. Da ni ce da na ɗaga harafin zuwa 16, wanda zai fito kusan 11, in bar littafin ya kai shafi 28.

Baba mai ɗab'i, Shomolu:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan ƙanƙancewa, kuma shi ne gyara na biyu da na yi alkawari. Amma ban bi ta a kan shafi 28 ba. Ƙarin falle ɗaya a kwafi 150 takarda 150 ce da bugu 300, kuma tsakiyar littafin za ta koma 14 da 15, jimillar dubawa ta koma 29, sai Malam ya sake tsara wurin jadawali. Girman 10 ana karanta shi lafiya idan harafin mai kauri ne kuma baƙin ya fita sosai. Abin da na fi so shi ne ya rage faɗin gefen shafi a fayil ɗinsa, domin gefen da ya dace da A4 ya yi wa ƙaramin littafi yawa, sai ya yi amfani da filin da ya samu ya ɗaga sunayen ɗalibai kaɗai.

Hajiya mai shagon kwafi, Obalende:
Baba, ku kuna kallon kuɗin takarda, ni kuma ina kallon tsohuwar da za ta zo walima ba tare da tabarau ba. Malam ya buga shafi ɗaya a girman da zai fito, ya miƙa wa mafi tsufa a kwamitinsu, abin da ya ce a bi.

Sai maganar juya takarda. Idan firinta tana buga gaba da baya da kanta, a zaɓi `Flip on short edge`, domin takardar a kwance take. Alamar an zaɓi ɗayan ita ce fuskar ciki ta fito ƙafa a sama. Idan kuma ba ta juyawa da kanta, a `Booklet subset` a zaɓi `Front side only`, a buga, a mayar da takardun, sannan a zaɓi `Back side only`. Yadda za a mayar da su ya danganta da kowace firinta, don haka a zana kibiya da fensir a kan farar takarda, a buga mata shafi ɗaya, a ga fuskar da rubutu ya hau da gefen da ya fara fita. A duba kuma ko tarin yana buƙatar a juya jerinsa, wanda za a gane idan bayan 24 da 1 ya fito ɗauke da 12 da 13 maimakon 2 da 23. Damshin Legas yana ƙara wahala a nan, musamman da damina, domin takardar da ta sha iska tana lanƙwashewa bayan ta ratsa zafin inji, ta maƙale a zagaye na biyu. Ni nakan buɗe sabon rim a lokacin aikin, in bar tarin ya huce a ƙarƙashin abu mai nauyi kafin in mayar da shi. Bangon kuma a buga shi daban, a sanya 1 zuwa 1 a wurin `Sheets from`, sauran 2 zuwa 6.

Ɗalibi, Idi-Araba:
Na karɓi gyara, Baba da Hajiya. Tambayata ita ce, idan kwamfutar shago ba ta da maɓallin `Booklet`, ba za a iya rubuta jerin Baba da hannu a wurin zaɓen shafuka ba, sannan a bar shafi biyu a kowace fuska? Wato kamar haka:

```
24,1,2,23,22,3,4,21,20,5,6,19,18,7,8,17,16,9,10,15,14,11,12,13
```

Baba mai ɗab'i, Shomolu:
Jerin naka daidai ne, kuma yana aiki a manhajar da take bin lambobi yadda aka rubuta su. Wasu manhajojin suna sake jera su daga ƙarami zuwa babba, wasu ma suna ƙin karɓa, don haka falle na farko ne zai ba ka amsa. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne jerawa sau biyu. Wasu firintocin suna da nasu zaɓin ɗan littafi a cikin saitinsu, kuma idan manhaja ta jera, firinta ta sake jerawa, sai ka ga ƙananan shafuka huɗu a fuska ɗaya. Wuri ɗaya kawai ake kunna shi. Saboda wannan dalili ne ma idan Malam ya yanke shawarar kawo aikin maɗaba'a a Shomolu ko Mushin, PDF mai shafuka ɗaya bayan ɗaya daga 1 zuwa 24 zai kawo, kada ya jera mana, domin mu a kan babbar takarda muke bugawa kuma jerinmu ya bambanta da na A4.

Malama, Alaba Rago:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa domin ina da aiki mai kama da wannan, ɗan littafin addu'o'i mai shafi 16 ga ɗalibaina mata. Larabci ne a sama, fassarar Hausa da boko a ƙasa. Shin jerin ɗaya ne?

Baba mai ɗab'i, Shomolu:
Abokan zama ba sa canzawa, Malama, jimillarki 17 ce a kan falle huɗu. Abin da yake canzawa shi ne gefe. Littafin da ake buɗewa irin na Larabci ko ajami ɗaurinsa yana dama, don haka fallen waje zai zama 1 a hagu, 16 a dama, cikinsa kuma 15 a hagu, 2 a dama. A Acrobat Reader zaɓin yana wurin `Binding`, sai ki ɗauki `Right`. Tun da Larabci ne asalin littafin, ni da dama zan ɗaure shi.

Hajiya mai shagon kwafi, Obalende:
Ni kuma da hagu zan ɗaure shi, 'yar'uwa, idan gabatarwa da kanun addu'o'i da lambobin shafi duk da boko suke, domin hannun mai karatu yana bin abin da idonsa ya fara karantawa. Na buga iri biyun, kuma kowanne ya sami masu ƙorafi.

Malama, Alaba Rago:
Kanun da boko suke, amma ɗaliban da allo da Alƙur'ani suka saba. Zan buga ɗaya na kowane iri in kai aji in ga wanda hannunsu ya fi karɓa.

Sakataren Islamiyya, Agege:
Na saka fararen shafukan, na mayar da jadawali tsakiya, na buga kwafi ɗaya, kuma jerin ya fito daidai. Saura matsala biyu: sitefular ofishinmu ba ta kai tsakiyar takarda, sannan fallayen ciki sun ɗan leƙo waje fiye da bango a bakin littafin.

Baba mai ɗab'i, Shomolu:
Leƙowar dole ce, domin kowane falle yana zagaye kaurin waɗanda suke cikinsa. Takarda mai giram 80 kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, don haka a falle shida abin da zai leƙo wajen rabin milimita ne, wanda injin yanka takarda yake sharewa bayan an buga fil. Sai littafi ya kai falle goma sha biyar ko fiye ne abin yake zama damuwa, inda yankan yake cin gefen shafukan tsakiya kuma littafin ya ƙi rufuwa. Katin bango ka ja masa layi da bayan wuƙa a jikin rula kafin ka ninke, in ba haka ba zai tsage a gadon baya, musamman inda launi ya yi duhu.

Daga bakin takarda zuwa ninki milimita 148 ne, ƙaramar sitefula ba ta kaiwa. Za a iya buɗe ta a buga fil a kan kwali mai laushi sannan a lanƙwasa ƙafafunsa da hannu, amma fil 300 ba aikin yatsa ba ne, ka ari mai dogon hannu. Fil mai lamba 24/6 ko 26/6 ya isa falle shida. A buga guda biyu daga waje, ƙafafun su fito a tsakanin 12 da 13, kowanne kimanin santimita biyar daga gefen sama da na ƙasa.

Hajiya mai shagon kwafi, Obalende:
Akwai mai dogon hannu a shagona, Malam, ka turo yaro ya karɓa ranar da za ku haɗa. Amma kada ku buga sauran 149 kafin dattijon kwamiti ya karanta shafin sunaye.

Sakataren Islamiyya, Agege:
Zan kai masa kwafin bayan sallar Isha'i, Hajiya. Idan ya ce harafin ya yi ƙanƙanta, zan dawo mu yi lissafin shafi 28.